Jan Biro a Gefen Imel

Ɗan ƙanena ne sakataren ƙungiyar manoman unguwarmu a nan Fulatan. Tun da ƙungiyar ta fara hulɗa da masu ba da taki da iri daga Kano, rubutun wasiƙa ya hau kansa, duba ta kuma ya hau kaina. Yawanci bayan sallar isha saƙonsa kan shigo, lokacin da waya ta fi samun sabis a tsakar gidana: “Baffa, a duba mini kafin na tura.” Sai in ɗauko tabarau, in jingina da bango, in buɗe.

Shekara biyu cur na yi ina yi masa aikin da yanzu nake ganin rabin aiki ne. Zan kwafe imel ɗinsa, in gyara duk abin da na gani, in mayar masa da shi fes. Ya yi godiya, ya tura. Wasiƙun ƙungiya suka yi kyau, har aka fara yaba masa a wurin taro. Amma duk wanda ya turo mini, kurakuran da na cire a na baya suna nan zaune a gurbinsu, babu wanda ya motsa. Na jima ina ɗora laifin a kan rashin kularsa, sai wata rana na tambayi kaina: a ina zai ga abin da na canza? Ya turo rubutu baƙi a kan farin allo, na mayar masa da rubutu baƙi a kan farin allo. In ba zai jera su biyun ya bi su kalma bayan kalma a ƙaramar wayarsa ba, babu wata alama da ta rage da za ta nuna masa inda hannuna ya taɓa.

Mu ba haka aka gyara mana ba. A makarantar allo, in ka rubuta allonka ka kai, malam ba ya karɓa ya wanke ya sake rubuta maka. Zai ɗora yatsa a kan wasalin da ka tsallake, ya ce sake karanta nan, sannan ya sa tawada a wurin kana kallo. Tawadarsa takan fi taka kauri, saboda haka ko ka koma gefe kana ganin inda aka gyara. Da aka kwashe mu zuwa firamare a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimi kyauta na bai-ɗaya, sai muka tarar da jan biro. Malam ya ja layi a ƙarƙashin kalma, ya rubuta daidai a gefen takarda, kai kuma ka rubuta “Gyara” a ƙasa ka maimaita ta sau uku. Ni ma da na zama malami haka na yi shekara da shekaru a makarantun ƙasar Karaye da Rogo. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu, don na ga yaran da jan biro ya tsorata har suka daina rubuta duk kalmar da ba su tabbatar da ita ba. Amma yana da abu ɗaya da ba mu san darajarsa ba sai da ya tafi: kuskure da gyaransa suna zama a takarda ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, mai rubutu yana ganin su tare.

Allon waya ya shafe wannan. Kana goge harafi, shi ke nan, kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Masu aiki da kwamfuta a ofis suna da Track Changes a cikin Word, wanda yake nuna abin da aka cire da abin da aka saka da wani launi daban. Mu a nan da waya muke aiki, a cikin Gmail, kuma babu irin wannan a wurin rubuta imel. Ko da akwai ma, launi yana nuna abin da aka canza ne kawai, dalilin canzawar sai mutum ya faɗa da bakinsa. Don haka na koma yin gefen takardar da hannuna: duk imel ɗin da na duba, sai in haɗa shi da ɗan gajeren jeri na abin da na taɓa da dalilinsa.

Wasiƙar da ta sa na fara hakan ina da ita har yanzu. A tsakiyar damina ya turo ta, za a aika wa jami'in wata ƙungiya da ta ba manomanmu taki a kan za su biya daga baya. A wurin Subject ya rubuta “Salam”. Ga jikinta yadda ta zo:

“Assalamu alaikum ranka ya dade. Da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali ya kuma hakuri da jama'a. Bayan gaisuwa mai yawa muna sanar daku cewa takin da kuka aiko buhu 40 ya iso. Mun rabawa mutum 26 kowa buhu daya. Ragowar buhu 12 wakilin ku yace a bashi. Ruwa ya bata gonaki bakwai na bakin rafi. Zamuyi taro ranar Laraba. Muna rokon a kara mana lokacin biya zuwa bayan girbi. Mungode.”

Duk Bahaushe zai karanta wannan ya wuce, kuma akasarin saƙonnin da ke yawo a wayoyinmu haka suke. Amma a tsaya a jimla ta biyar. “Wakilin ku yace a bashi.” Na karanta ta sau biyu ban san me ya faru da buhu goma sha biyun nan ba. In wakilin ya ce “a bashi”, to takin yana hannun manoma, kuma za a rubuta musu shi a littafin masu biya. In kuwa ya ce “a ba shi”, takin ya koma hannunsa, babu kwabon da ake bin kowa a kansa. Ni da nake gari ɗaya da su sai da na buga waya na tambaya. Jami'in da ke zaune a Kano, wanda aikinsa ke nan lissafin bashi, ba zai tambaya ba. Zai karanta ta yadda idonsa ya saba, ya ƙara buhu goma sha biyu a kan mutanen da ruwa ya riga ya ci wa gona. Ashe mayar wa wakilin aka yi. Tazara guda tsakanin “ba” da “shi” ita ce ta riƙe duk wannan.

Da na yi yadda na saba, da na saka tazarar na yi shiru, shi kuma ya ci gaba da rubuta “bashi” har ranar da ba na kusa. A daren nan sai na rubuta masa wannan a saman wasiƙar da na gyara:

1. Tambaya, ban taɓa ba: 26 da 12 sun ba da 38, ka ce buhu 40 ne. Ina biyu? Kuma wace Larabar? Sa kwanan wata.
2. “a bashi” ya koma “a ba shi”. Bashi shi ne abin da ake bin mutum. In miƙawa kake nufi, kalma biyu ce: wa za a ba? Shi.
3. “yace, zamuyi, mungode, daku, rabawa” sun koma “ya ce, za mu yi, mun gode, da ku, raba wa”. Ƙananan kalmomin nan kowace zaman kanta take yi.
4. “wakilin ku” ya koma “wakilinku”. Na mallaka manne yake: gonarsa, takinmu, wakilinku.
5. “dade, hakuri, daya, bata, rokon, kara” na sa musu ƙugiya: daɗe, haƙuri, ɗaya, ɓata, roƙon, ƙara. Kara na dawa ne, ƙara na ƙari.
6. Subject: “Salam” ya koma “Roƙon ƙarin lokacin biyan taki, manoman Fulatan”, don a gane ta ba sai an buɗe ba.
7. Shawara ce, kana iya ƙi: na ɗauko roƙon daga ƙarshe na sa shi bayan gaisuwa, tunda shi ne dalilin wasiƙar.

Wuri goma sha biyar na taɓa, ban da waƙafin da na zuba a cikin gaisuwar, amma layi bakwai ne jerin. Wannan ban koye shi da sauƙi ba. Akwai wani tsohon ɗalibina da ya taɓa turo mini takardar neman aiki, na lissafa masa gyara ashirin da uku, kowane da lambarsa. Ya ce, “Na gode, Malam.” Bai sake turo mini komai ba, kuma daga baya na ji a wurin abokinsa cewa ya ce ashe bai iya komai ba. Alhali kurakuransa iri huɗu ne kacal, suna ta maimaita kansu. Da na tara su gida-gida, da ya ga abu huɗu ne a gabansa, wanda mutum zai iya kamawa cikin mako guda. Tun daga nan ba na ƙidaya wuraren da aka yi kuskure, irinsu nake ƙidayawa. In irin ya wuce shida ko bakwai, sai in zaɓi waɗanda ke canza ma'ana, sauran in gyara su in ce akwai ƙanana da za mu duba wani jiƙon.

Kowane layi abu uku ne a cikinsa: yadda ya rubuta, yadda ya koma, da dalili a cikin numfashi ɗaya. Na farkon shi ne wanda aka fi mantawa. In na ce masa kawai “a raba wakilin suna da aikatau”, na ba shi darasin nahawu ne wanda zai gyaɗa wa kai ya wuce. In ya ga “zamuyi” ɗinsa, wanda yatsansa ya buga ɗazu, a gefen “za mu yi”, zai gane kayansa. Dalilin kuma ina ƙoƙarin ya zama abin da zai iya gwadawa shi kaɗai ba tare da ni ba, kamar tambayar nan ta “wa za a ba?” Sunayen nahawu na ajin Hausa nakan bar su a aji.

Layi na ɗaya shi ne wanda na fi so a lura da shi, domin shi ne wurin da ban gyara komai ba. Lissafin bai haɗu ba, kuma abu mafi sauƙi shi ne in mayar da 12 ta zama 14, jimla ta cika 40. Da na yi haka da na rubuta ƙarya da sunan ƙungiya, na kuma ɗora wa wakilin buhu biyu da bai karɓa ba. Da safe ɗana ya duba littafi ya kira ni: “Baffa, mutum biyu buhu bibbiyu suka karɓa, masu manyan gonakin nan.” Ke nan mutum 26 ne suka karɓi buhu 28, ragowa 12, lissafi daidai. Kuskuren ba a lamba yake ba sam, yana cikin “kowa buhu ɗaya”. Mai duba rubutu yana da iko a kan harafi da tazara da aya. Lamba da suna da kwanan wata da alkawari kuwa na mai wasiƙa ne, sai dai a tambaye shi. Shi ya sa a cikin wasiƙar da na gyara nakan bar gurbin da ɗige-ɗige, yadda ba za ta aiku ba sai ya cike da hannunsa.

Haka kuma layi na bakwai, da na rubuta masa “shawara ce”. Akwai bambanci tsakanin abin da yake kuskure da abin da ni ne dai ba haka zan yi ba, kuma in mai gyara bai raba su ba, mai koyo zai ɗauka duka doka ce. Gaisuwarsa mai tsawo ban rage ta ba. Na san masu koyar da rubutun ofis suna cewa a shiga magana kai tsaye, amma yaro ne yake rubuta wa babba yana neman alfarma, kuma a ƙasar nan wanda ya tsallake “ya iyali” ya riga ya rage wa roƙonsa ƙarfi. Haka in ya rubuta “mu ke” ni kuma ina rubuta “muke”, ba na sa masa a jeri, domin tsofaffin littattafan Zariya da muka karanta a rabe suke rubuta shi, kuma har yau akwai masu bin wannan. Sai dai in ce ya riƙe ɗaya a cikin wasiƙa ɗaya.

Ina sa jerin a sama ne, wasiƙar a ƙasa, kuma da dalili. Da farko a ƙasa nake sa shi, sai na lura yana kwafe wasiƙar ya tura ba tare da ya gangara ba. Mai gaggawa abin da ya fara gani shi yake ɗauka. Akwai kuma haɗari ɗaya da nake maimaita masa: kada ya danna Forward a kan saƙona, domin jerin gyaran zai bi wasiƙar har gaban jami'in. Ya kwafi jikin wasiƙar kaɗai, ya buɗe sabon imel.

Na daɗe ina tunanin inda wannan manne-mannen kalmomi ya samo asali, don yaran da na koyar kafin zuwan waya ba haka suke rubutu ba, ko da suna da nasu kurakuran. A ganina wayar ce ta rene shi. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes guda harafi 160 yake ɗauka, tazara ma a cikin lissafi take, kana haurawa an caje ka kuɗin saƙo biyu. Mai hankali sai ya matse “za mu yi” ta zama “zamuyi”, ya tsira da gurbi biyu. Wayoyin lokacin kuma ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Waɗannan haruffa a Zariya aka zaunar da su a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi, da su kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shiga hannun jama'a daga 1939, Abubakar Imam yana editanta. Mun tashi muna ganinsu a kowane shafi. Yaran da suka tashi da waya kuwa sun fi karanta Hausar junansu a allo fiye da Hausar da edita ya duba, idonsu ya saba da abin da ya fi gani. Yanzu babu mai ƙidaya harafi a imel ko WhatsApp, amma hannu ya riga ya koyi matsewa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka sakarci ne. Ɗana yana da takardar sakandare, yana riƙe lissafin mutum fiye da hamsin ba ya ɓata. Abin da ya rasa kawai wanda zai ɗora masa yatsa.

Hanyar da nake gane ko jerin ya yi aiki guda ɗaya ce, wato imel na gaba. Godiya ba ta nuna komai, kowa yana yin ta. Bayan kamar mako uku ya turo wani, na ajiye shi kusa da jerin farko na bi layi-layi. “Ba shi” ya zauna daidai, kuma bai sake kuskure shi ba har yau, ina jin don ya ga abin da ya kusa jawowa. Subject ya yi ma'ana. Na mallaka ya manne a wuri uku, ya kuɓuce a ɗaya. Ƙugiya kuwa ko ɗaya babu. Na kira shi na ce, “Ɗana, layi na biyar fa?” Ya ce, “Baffa, na gane, wayata ce ba ta da su.” Ashe wannan ba matsalar sani ba ce, ta kayan aiki ce, kuma ko sau ɗari na rubuta masa ba za ta gyaru ba. Da ya zo gaishe ni ranar Juma'a muka shiga saitin Gboard, muka ƙara Hausa a cikin harsunan da yake rubutu da su, haruffan suka samu. Daga nan na koyi cewa in gyara ɗaya ya dawo sau biyu bai ko motsa ba, in daina maimaitawa in tambayi dalili.

Abin da ya fi ba ni darasi shi ne layi na uku, domin ya yi aiki har ya wuce gona da iri. Na ce masa ƙananan kalmomi zaman kansu suke yi, shi kuma ya ɗauki maganar da gaske. Sai ga “mu na roƙo”, “ya na nan”, “ma su gona”, har da “a kwai”. A wasiƙar farko “muna” da “kana” da “kuka” duk daidai ya rubuta su, gyarana ne ya lalata masa su. Laifin jerin ne: gajeren dalili yana da saurin shiga kai, amma ba ya faɗin inda iyakarsa take. Na rubuta masa layi ɗaya: “Muna, yana, suna, kuka, masu, akwai: waɗannan a haɗe suke, da ma daidai kake yi, koma yadda kake.” Tun daga ranar, duk ƙa'idar da zan ba mutum sai na rataya mata misali ɗaya na inda ba ta aiki. Na kuma fara ƙara layi a ƙarshen jeri na abin da ya yi daidai wanda nake so ya riƙe, don kada ya rushe shi garin gyaran wani.

Jerin yana cin lokaci. Gyaran wasiƙa irin wannan minti biyar ne, rubuta jerin yakan kai kwata, da babban yatsa ɗaya da ido irin nawa. Akwai kuma daren da ba ya yiwuwa, kamar ranar da aka ce a tura sunaye kafin sha biyun dare. A ranar, gyarawa na yi na mayar, jerin ya biyo baya da safe, ko da yake na san wanda ya zo bayan an aika wasiƙa ba ya shiga kamar wanda ya zo kafin. Wani kuma ba koyo ya zo yi ba. Dattijon da ya kawo wasiƙa sau ɗaya a shekara don a rubuta wa ɗansa, ba zan tsare shi da layi bakwai ba. Jerin na wanda zai sake rubutu gobe ne.

Daga bakwai, jerin ɗana ya koma huɗu, ya koma biyu. Bana da kaka, da aka fara kai rake da masara kasuwa, ya turo wasiƙar sanar da cewa manoma sun kammala biya. Na karanta ta sau biyu, na sami waƙafi ɗaya da ya ɓace da “akan” da ya kamata ya zama “a kan”. A ƙasanta ya ƙara wani saƙo: ma'ajin ƙungiya ya ba shi rahoton kuɗi ya duba, ya gyara, ya kuma rubuta masa jeri, ko zan duba jerin? Layi biyar ne. Na ɗaya tambaya ce a kan wata lamba da bai taɓa ba. A na uku ya rubuta wa ma'ajin cewa “zasu” ya koma “za su”, sannan ya ƙara: amma “suna” a haɗe yake.